Me Ya Sa Ɗan Canji Yake Da Farashi Biyu A Kan Dala Ɗaya?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Yayana ya aiko mini da dala 500, na kai wa wani ɗan canji a nan Zariya, ya saya a kan naira 1,500 kowace ɗaya. A gabana wani ya zo neman dala, sai ya sayar masa a kan naira 1,520. Wannan ba cuta ba ce? Kuma ina ribar take, tunda kuɗi ne ake musanyawa da kuɗi?

Amsa: Wa alaikumus salam. A wurin ɗan canji, dala haja ce, kamar yadda buhun masara yake haja a wurin ɗan kasuwar hatsi, kuma naira ita ce kuɗin da yake saye da sayarwa da su. Duk mai haja yana da farashin sari da farashin sayarwa. Abin da ya sa na ɗan canji yake ɗaure wa mutane kai shi ne, a teburi ɗaya yake sari kuma yake sayarwa, har mai kawo kaya da mai saye su tsaya kafaɗa da kafaɗa kowa yana jin farashin ɗan'uwansa. Da a ƙauye ya saro ya kawo birni, babu wanda zai yi tambaya.

Mu yi lissafi da farashin da ka ambata. Idan ya sayi dala 1,000 a kan 1,500, ya fitar da naira 1,500,000. Idan ya sayar da su a kan 1,520, ya karɓi naira 1,520,000. Naira 20,000 da ta rage ita ce ribarsa kafin ya cire ɗawainiya, wato bai kai kashi ɗaya da rabi cikin ɗari na jarin da ya zuba ba. Mai sayar da atamfa ba zai buɗe shago saboda irin wannan riba ba. Abin da yake riƙe ɗan canji shi ne saurin juyawar kuɗi, domin nairar da ya karɓa da hantsi ita zai sake sayen wata dalar da ita kafin azahar. Idan jarin nan ya juya sau biyar a yini, ya tashi da naira 100,000. Idan kuwa kasuwa ta yi sanyi ya juya sau ɗaya tak, to a cikin 20,000 ɗin nan zai biya kuɗin shago, da kason yaran da suke tare masa masu ciniki, da cajin banki. Ka lura kuma cewa ribar ba ta tabbata sai cinikin ya rufe ta ɓangarorin biyu. A lokacin da ya karɓi dalarka bai ci ko kwabo ba tukuna, haja kawai ya ɗauka.

A nan ne haɗarin sana'ar yake, kuma shi ne babban dalilin tazarar da ke tsakanin farashin biyu. Ɗauka cewa ya wuni yana saye, magariba ta yi masa da dala 5,000 a hannu waɗanda ya saya a kan 1,500, sai gari ya waye farashi ya faɗi da naira 50, ana sayarwa a kan 1,470. Asarar naira 30 a kan kowace dala ta zama naira 150,000, kuma sai ya sayi dala 7,500 ya sayar lafiya kafin ya mayar da gurbin abin da dare ɗaya ya cinye. Wannan ba tatsuniya ba ce. A watan Fabrairun 2024 dala ta doshi naira 1,900 a kasuwar bayan fage, amma kafin watan Afrilu ya ƙare ta sauko zuwa wajen naira 1,100 da wani abu, kuma duk wanda ya cika jaka da dala a farkon lokacin ya ji jiki. Shi ya sa a ranakun da farashi yake rawa za ka ga tazarar ta buɗe sosai, wani ma ya ce maka yau ba ya saye sam, alhali idan kasuwa ta natsu tazarar takan tsuke.

Akwai kuma maganar wuri. Ɗan canjin Zariya ba shi yake yanka farashi ba. Yana sa ido ne a kan manyan kasuwanni irin su Wapa a Kano da Zone 4 a Abuja, kuma idan dala ta taru masa babu mai saye, ko aka nemi abin da ya fi ƙarfinsa, ga manyan dillalan can zai koma. Su ma suna da nasu farashi biyu. A ce babban dillali yana saye a kan 1,505, yana sayarwa a kan 1,515. Dole na Zariya ya saya ƙasa da 1,505, ya sayar sama da 1,515, in ba haka ba duk ranar da ya koma wurin dillali asara zai ɗauko. A irin wannan hali, idan bai sami wanda zai sayi dalarka a gida ba, naira biyar kacal zai samu a kan kowace ɗaya, ba ashirin ba.

Wannan ne ma ya sa tazarar ba ɗaya ba ce a kan kowane kuɗi. Dala tana fita kullum, saboda haka tazararta ƙarama ce. Riyal kuwa kasuwarsa takan tashi ne idan aikin Hajji ko Umarar azumi ya gabato, kuma wanda ya sayi ragowar guzurin alhazai bayan sun dawo ya san zai iya daɗewa da shi, don haka yakan karye farashi. Haka nan ƙananan takardun dala, da tsofaffi ko waɗanda suka yi tabo, ba su kai darajar sabuwar takardar dala ɗari mai shuɗin zare wadda Amurka ta fara fitarwa a 2013 ba, domin shi ma da ragi za a karɓa a hannunsa.

Game da ko an cuce ka, a ganina ba a cuce ka ba. Tsakiyar farashin biyu shi ne 1,510, ke nan kai ka bar naira goma a kan kowace dala, wato naira 5,000 gaba ɗaya, wancan mai sayen shi ma ya bar goma. Abin da ka biya shi ne ladan samun kuɗinka nan take, ba tare da ka zagaya Sabon Gari da Tudun Wada kana neman wanda yake buƙatar dala 500 daidai, kuma yake da naira a hannu, kuma ka amince da shi ba. Hukuma ma ba ta hana wannan riba ba, iyaka kawai takan sa mata: lokacin da Babban Bankin Najeriya ya sayar wa 'yan canji masu lasisi dala a watan Maris na 2024, ya sharɗanta musu kada ribarsu ta wuce kashi ɗaya da rabi cikin ɗari.

Cuta tana shigowa ne idan aka ga ba ka san farashin ranar ba, aka ja maka shi ƙasa da abin da ake ba kowa. Hanyar gane hakan mai sauƙi ce. Kafin ka nuna ko saye ka zo ko sayarwa, ka ce masa, "Alhaji, nawa kuke saye, nawa kuke sayarwa?" Wanda bai san ɓangaren da ka tsaya ba, ba zai iya karkatar da farashin ya cuce ka ba. Sannan ka raba tazarar da farashin sayarwa: 20 a kan 1,520 ya kama kashi 1.3 cikin ɗari. Idan a ranar da kasuwa take a natse aka faɗa maka tazarar naira 80 ko 100 a kan dala, ka tambayi mutum na biyu da na uku kafin ka zaro kuɗinka daga aljihu.