ADX ya haura 25, in saya ke nan?

Audu daga Bukuru: "ADX ya kai 28, na saya, farashi kuma ya ci gaba da faɗuwa. Ina na kuskure?"

Malam Audu, ADX ma'auni ne a jadawalin farashin kasuwa, ƙarfin tafiyar farashi kaɗai yake aunawa, ba ruwansa da inda ta dosa. Alkibla tana wajen +DI da -DI, layuka biyu da ke tafiya tare da shi: +DI na hawan farashi, -DI na faɗuwarsa. Da alama -DI ne ke sama lokacin da ka saya, wato 28 ɗin ƙarfin faɗuwa ne.

Bar saitin ADX a 14, wato adadin lokutan baya da yake lissafi da su. In lambar ADX na ƙasa da 20 kasuwa kai-komo take yi, dabarun bin tafiya asara za su jawo maka. In ya taso daga 18 ya wuce 25 yana hawa, za su yi aiki. Amma yana da jinkiri, in ya sauko daga 45 zuwa 35 tafiyar ta fara gajiya ko da lambar tana da girma.