Abin da za ka rubuta a saman shafin shagon ɗinkinka

"Maigida, barka da aiki. Na buɗe wa sabon shagona shafi a Facebook da Instagram, na zuba hotunan ɗinki. Mutane suna yabawa, suna tambayar nawa ne, a ina nake, daga nan sai shiru. Me zan rubuta a bayanin shafin da kuma rubutun da ake kafewa a sama, don mutum ya san abin da nake ɗinkawa da yadda zai ba ni aiki?"

Barka kadai, ɗana, Allah ya sa albarka a shagon. Ka ɗauka wanda ya faɗo shafinka baƙo ne da ke zaune a Yawunde, babban birnin Kamaru, bai san ka ba, bai san ni ba, kuma kuɗin intanet ɗinsa na ƙonewa. Duk tambayar da ka bari sai ya yi maka ita kafin ya biya, dama ce ka ba shi ta wucewa wurin wani tela.

Fara da sunan shafin, don shi ake bincikawa. Bayan sunan shagonka ka ƙara sana'a da gari kamar yadda mutane ke bugawa a waya: Couture homme Garoua. Da baki muna cewa Garwa, amma mai nema Garoua zai rubuta, kuma rabin masu kawo mana aiki da Faransanci ko Fulatanci suke magana. Kada ka yi amfani da waɗannan haruffa masu ado da samari ke kwafowa, domin bincike ba ya gane su da kyau.

Shi bayanin shafi wuri ne ƙarami. Facebook yana ba ka haruffa 101, Instagram 150, TikTok 80, kuma tazarar da ke tsakanin kalmomi ma ana ƙirga ta. Saboda haka babu wurin "barka da zuwa shafinmu" ko "inganci shi ne takenmu". Kowa haka yake cewa, har wanda aljihun rigarsa ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Abu uku kawai za su shiga: me kake ɗinkawa, a ina kake, ta ina za a same ka. Misali:

Ɗinkin maza: kaftani, jamfa, babbar riga. Yelwa, Garoua. Oda ta WhatsApp: 6XX XX XX XX

Wannan haruffa 86 ne, ya shiga Facebook da Instagram. Don TikTok ka cire jamfa, ya koma 79. Ka lura na ce ɗinkin maza. In ba ka faɗa ba, za ka wuni kana ba mata haƙuri a kan ɗinkin atamfa. Kuma abin da hannunka ya faɗa a kai shi za ka rubuta. Ka ƙware a kaftani da wando, babbar riga mai aiki kuwa har yanzu kai wa mai surfani kake yi, to in ba ka da tabbacin zai riƙa cika maka alkawari, bar ta a waje tukuna.

Lamba ɗaya tak za ka sa. Mai lamba uku, saƙo yana shiga layin da ba ya kan waya, ya kwana biyu ba a gani ba. A gurbin mahaɗin yanar gizo ka sa wanda zai buɗe hira da kai kai tsaye:

```
https://wa.me/2376XXXXXXXX
```

Lambar ƙasar Kamaru 237, sannan lambarka mai alƙaluma 9 da ta fara da 6, ba alamar tarawa, ba tazara. Tun 2014 aka ƙara wannan 6 ɗin, amma har yau akwai masu rubuta lamba ba ita, mahaɗin ya ƙi buɗewa. Ka gwada shi a wayar wani kafin ka bar shi. A Instagram mahaɗin da aka rubuta ƙarƙashin hoto ba ya dannuwa, sai wanda ke cikin bayanin shafi, don haka can za ka riƙa tura mutane.

Yanzu rubutun da za ka kafe, wanda shi ne ainihin aikin. Ana kafe shi ta ɗigo ukun nan da ke gefen rubutu, inda za ka ga Épingler, ko Pin in wayarka na Turanci ce. Instagram yana barin ka kafe guda 3, amma ɗaya mai kyau ya isa. Hoton da zai ɗauke shi ya zama ɗinkin hannunka, a jikin mutum ko a rataye cikin hasken rana, wuyan rigar da bakin hannu suna fitowa sarai, don nan mai ido yake duba tela. Hoton da aka ɗauko a shafin wani yana jawo oda, amma ranar da kaya suka isa shi ne zai zama shaida a kanka.

Layi biyu na farko kaɗai ake gani kafin a danna a ga saura, to su ɗauki kaya da farashi. Ga tsarin, kuɗin misali ne, F kuma sefa ke nan, ka sa naka:

Kaftani da wando, ɗinki kaɗai: 8,000 F. Mai aiki a wuya: daga 12,000 F.
Yadi: mita 4 ga babban mutum. Ka kawo naka ko mu saya maka.
1. Turo hoton samfurin da kake so ta WhatsApp.
2. Turo awo da santimita, ko ka aiko rigar da ta yi maka daidai.
3. Biya kafin alƙalami: kuɗin yadi duka da rabin kuɗin ɗinki.
4. Kwana 10 daga ranar da kuɗi da awo suka iso.
5. Za ka ga hoton kayanka, ka biya ciko, mu kai tashar mota. Kuɗin mota naka ne.

Wasu teloli suna ɓoye farashi, wai kada abokan sana'a su gani, suna rubuta a zo ta saƙo. Abokin sana'arka ya riga ya san farashinka. Wanda ka ɓoye wa shi ne mai saye, kuma mutum mai kunya ba zai tambaya ba, gudun kada ya ji kuɗin ya fi ƙarfinsa. Inda aiki ke hawa da sauka, kamar surfani, ka ce "daga kaza". Ka rubuta da alƙaluma da F a gaba, kada ka ce jaka takwas ko ka yi lissafin dala, domin mai karantawa daga Yola ko Mubi naira zai ɗauka.

Maganar awo ita ce za ta iya cinye maka shadda, don haka a nan kada ka yi rowar kalmomi. Tef fuska biyu gare shi, inci da santimita, kuma a garin nan duka biyun ana aiki da su: wanda ya koyi ɗinki a hannun mutanen Najeriya inci ya sani, wanda ya yi makarantar Faransanci santimita. A ce wani ya turo maka "ƙirji 53". Yana iya zama ƙaton mutum mai inci 53. Yana iya zama kuma matsakaicin mutum ne ya shimfiɗa rigarsa a kan gado ya auna daga hammata zuwa hammata da santimita, wato zagayen ƙirjin rigar 106 ne, kusan inci 42. In ka yanka a kan kuskure, ko dai buhu ka ɗinka, ko rigar da ba za ta shiga ba. Yadda za ka gane shi ne ka haɗa da kafaɗa da wuya. Mai ƙirjin inci 42 kafaɗarsa tana wajen inci 18, wuyansa wajen 16, wato santimita 46 da 41. In alƙaluman ba su tafi tare ba, kada almakashi ya taɓa yadin, ka kira shi. Domin rage wannan, ka lissafa a rubutun abin da kake so a auna: tsawon riga, kafaɗa, zagayen ƙirji, tsawon hannu, wuya, ƙugu, cinya, tsawon wando, ƙafar wando. Ka ce a jiki za a auna, zagaye, kuma in da hali telan unguwarsu ya auna shi. Haka ma yadi, ka faɗi ko mita kake nufi ko yadi, don yadi ɗaya santimita 91 ne da ɗoriya. Wanda ya sayo yadi 4 alhali ka ce mita 4, ya zo maka da giɓin fiye da santimita 30, kuma a dogon mutum hannun riga ne zai biya.

Kafin alƙalami kuma ka nuna lissafinsa, kada a yi ta ja-in-ja. Mutum ya ce ka saya masa yadi mai 3,500 F mita ɗaya, mita 4 sun kama 14,000 F. Ɗinki 8,000 F, rabinsa 4,000 F. Zai fara turo 18,000 F, ciko 4,000 F da kuɗin mota. Dalilin karɓar kuɗin yadi duka shi ne, in ya fasa bayan ka yanka, yadin ba ya komawa kasuwa. Ka rubuta wannan sharaɗin ƙarara: bayan an yanka, ba a mayar da kafin alƙalami.

A hanyar biya ka ambaci Orange Money ko MTN MoMo, wanda kake da shi, da cikakken sunan da zai fito wa mai turawa kafin ya tabbatar. In layin da sunan yayanka aka yi masa rajista, ka faɗa tun farko, in ba haka ba baƙo zai ga wani suna daban ya zaci damfara ce. Ka kuma faɗi wa zai ɗauki kuɗin cirewa, don 'yan ɗaruruwan nan suna ɓata ciniki fiye da yadda kake zato. Kai kuma kada ka yarda da hoton saƙon biya, ana ƙirƙirarsa. Duba asusunka da kanka, #150# a Orange, *126# a MTN.

Kwanakin da za ka rubuta su zama waɗanda za ka cika ko da an ɗauke wuta kwana biyu. In aikin na kwana 6 ne, rubuta 10. An riga an yi wa tela shaidar saɓa alkawari, kuma abin da ka rubuta a sama shi za a ɗauki hotonsa a turo maka. Game da aikawa, ka ambaci garuruwan da kake kaiwa da gaske, kamar Marwa, Gaundare, Yawunde da Duwala, ka ce za ka turo hoton rasiɗin tasha, mai karɓa kuma ya je da katin shaida mai sunan da aka rubuta a jikin ƙunshin. Cikin gari, mai mashin zai kai, mai kaya ya biya shi.

A ƙasan rubutun ka maimaita farashi da matakan biyar ɗin da Faransanci, a gajarce, ka ba wanda ya iya ya duba maka. Ka sa watan da ka rubuta farashin, duk ranar da ya canza ka gyara rubutun nan take. Kafin azumi ya kama kuwa, ka ƙara layi ɗaya a can sama mai faɗin ranar da za ka rufe karɓar ɗinkin Sallah. Ka ƙirga kaftani nawa kekenka ke fitarwa a mako, ka ninka da makonnin da suka rage, ka cire aikin da ke hannunka. Ranar da lissafin ya cika, ka sauya layin ya koma "an rufe karɓar aikin Sallah".