Wata 21 na jinyar Mama: me zan rubuta a sibi?

"Anti, ina wuni. Ina shirin neman digiri na biyu a Ingila, kuma sun nemi in haɗa da sibi. Na bar aikin akawu a wani kamfani a Ikeja a watan Maris na 2022 da Mama ta samu shanyewar ɓarin jiki. Ni na yi jinyarta a gidanmu na Agege har Allah ya karɓi abarsa a Disamba 2023. Tun Janairu 2024 ina aiki a ofishin kuɗi na wata makaranta. Yayana mai sayar da albasa a Mile 12 ya ce zai rubuta min takarda cewa ni ce akawunsa duk tsawon lokacin, don kada a ga giɓi. In karɓa?"

Ƙanwata, Allah ya jiƙan Mama, ya kai haske kabarinta, ke kuma ya ba ki ladan jinya. Takardar Yaya kuwa, ki yi masa godiya, amma kada ki karɓa. Na san da zuciya ɗaya ya yi tayin, so yake ya rufa miki asiri. Sai dai babu abin rufewa a nan, kuma takardar tasa ce za ta iya jawo miki abin da giɓin ba zai taɓa jawowa ba.

Aikina a nan Birmingham ke nan. Ina ofishin wani gidan kula da tsofaffi, ni ke haɗa fayil ɗin duk wanda za a ɗauka aiki. Dokar da hukumar CQC ke binciken irin gidajenmu da ita, ta shekarar 2014, ta ce dole fayil ɗin ma'aikaci ya ƙunshi cikakken tarihin ayyukansa tare da gamsasshen bayani a rubuce kan duk wani giɓi. Saboda haka nakan ɗauki biro in bi watanni ɗaya bayan ɗaya. Idan na ga wuri babu komai, sai in buga waya in tambaya, mutum ya rubuto layi biyu ya sa hannu, in saka a fayil, magana ta ƙare. Wadda ta yi jinya, wadda ta haihu, wanda ya kwanta asibiti, kullum ina ganinsu kuma ana ɗaukarsu. Fayil ɗin da ke maƙalewa a kan teburina shi ne wanda kwanan watansa ya saɓa da abin da tsohon wurin aikinsa ya rubuto. Ina faɗa miki wannan ne domin ɗalibin digiri yana da izinin aikin awa 20 a mako lokacin da ake karatu, kuma da yawa daga cikin 'yan uwanmu a irin wannan gida suke farawa. Sibin da kika tura jami'a yau, da shi za ki nemi aiki gobe.

Ga yadda zan rubuta naki. Ki sa lokacin jinyar a cikin jerin ayyukanki, a daidai gurbinsa, tsakanin aikin makaranta da na Ikeja, da irin rubutun sauran, ba tare da ƙara masa girma ko ɓoye shi a ƙasan shafi ba:

```
Apr 2022 – Dec 2023
Career break: full-time care for a family member.
Returned to full-time work in January 2024.
```

Shi ke nan. Ma'anarsa: na dakatar da aiki don jinyar wani nawa, na koma aiki a Janairu 2024. Ki lura ba a ambaci Mama ba, ba a ambaci sunan ciwon ba, ba a ambaci rasuwa ba, kuma ba a ba kowa haƙuri ba. Mai karanta sibi abu uku yake son sani: yaushe abin ya fara, mene ne shi a taƙaice, kuma ya ƙare ko da saura. Na ukun ne ya fi damunsa, don tsoronsa kada ya ɗauke ki yau ki ce masa bayan wata biyu za ki koma gida. Ke kuwa aikin da kika kama a Janairu 2024 ya riga ya amsa masa. Wannan shi ne ƙarfin takardarki, ki cika wurin da abin da kike yi a can: kuɗin makarantar yara nawa kike bi, wace manhaja kike aiki da ita, wa kike kai wa rahoto a ƙarshen wata. Can ne idonsa zai fi daɗewa.

Mu mutanen gida muna da al'adar bayani tun daga tushe, kuma a zaure abin yabo ne. Na taɓa karɓar sibin wata baiwar Allah da ta ba da rabin shafi tana labarin ciwon mahaifinta, da asibitocin da aka zaga, da kuɗin da aka kashe. Na karanta har idona ya ciko, amma da na kai ƙarshe ban san aikin da ta iya ba. Sibi a nan shafi biyu ne, ba a sa hoto, ba a sa ranar haihuwa, ba a sa jihar asali ko addini ko maganar aure. Duk layin da kika ba ciwo, kin ɗauke shi ne daga ƙwarewarki.

Akwai wata dabara da masu rubuta wa mutane sibi a shagunan kwamfuta suke koyarwa, wai a cire watanni a bar shekaru kawai, a rubuta 2019 zuwa 2022, sannan 2024. A giɓin wata uku ko huɗu tana wucewa. A naki shekarar 2023 ce sukutum za ta ɓace, kowa zai gani, kuma fom ɗin neman aiki na NHS, wato hukumar lafiyar ƙasar nan, da na gidajen kula wata da shekara suke tambaya. Ki sa watanninki tun farko.

Yanzu takardar Yaya. Ki ɗauka an karɓe ta. Abu na gaba, za a nemi shaida daga wanda kika yi wa aiki, kuma an fi yarda da wadda ta fito daga adireshin imel na kamfani, ba na mutum ba. In an yi shakka sai a ce ki kawo takardar biyan albashi ko bayanan asusun banki. Naki zai nuna albashi ya tsaya a Maris 2022. In kamfanin Ikeja yana zuba miki fansho, bayanan asusun fanshonki ma a nan za su tsaya. Sannan jami'o'i da dama suna yi wa ɗaliban Najeriya tambayoyi ta bidiyo kafin su ba da lambar CAS, wato shaidar samun gurbin karatu da ake neman biza da ita, ofishin biza ma yana iya kira. Za a ce me kike yi a 2023, nawa ake biyanki, ku nawa ne a wurin. Wadda ta kwana tana juya mahaifiyarta duk bayan awa biyu ba za ta yi inda-inda wajen faɗar haka ba. Wadda ke ƙirƙiro lissafin buhunan albasar da ba ta taɓa ƙirgawa ba, a tambaya ta uku muryarta za ta canza. Kuma a dokar shige da ficen Birtaniya, wanda aka samu da yaudara a neman biza ana iya hana shi shiga har shekara 10. Ramin ƙarya ƙurarre ne, wannan kuwa da ƙafarki za ki faɗa cikinsa a kan abin da ba laifi ba.

Ni kaina na ɗanɗana. Kafin in baro Legas na yi wata bakwai a kwance, kunya ta sa na ja ranar barin aikina gaba don in cike wurin. Da na zo nan wani wuri ya ba ni aiki, suka rubuta wa tsohon kamfanina, aka aiko musu da ranar gaskiya. Matar da ke ɗaukar ma'aikata a wurin ta kira ni ta ce ba rashin lafiyar ce ta dame su ba, da na faɗa da ba komai, amma ba za su iya ci gaba da ni ba. Ina tsaye a tashar bas na saurare ta, hannuna na rawa, kuɗin haya na jirana.

In kuwa da gaske kin taɓa riƙe wa Yaya littafi, ko da ranar Asabar ce kawai, ki rubuta shi yadda yake: aikin wucin gadi na iyali, kwana ɗaya a mako, daga wata kaza zuwa wata kaza. Ya halatta, kuma yana nuna hannunki bai bar lissafi ba. Haka in kin yi wani kwas ta intanet da takardar shaidarsa a hannu. Abin da babu shi, ki bar shi.

Da a ce ke ce kika yi ciwon, layin bai canza sosai ba:

```
Career break for health reasons, now resolved.
```

Amma sai in da gaske an warke za a rubuta haka. Mai ciwon da ake zaune da shi, kamar sikila ko ciwon suga, ya tsaya a kan cewa ya yi hutun jinya kuma ya dawo aiki a wata kaza. Sashe na 60 na dokar daidaito ta 2010 ya hana mai ɗaukar aiki a Birtaniya tambayar lafiyar mutum kafin ya yi masa tayin aiki, sai a 'yan wurare, kamar sanin ko yana buƙatar wani tanadi ranar ganawa, ko zai iya ainihin abin da aikin ya ƙunsa. Bayan tayin ne ake ba da fom ɗin lafiya, a nan ake faɗar gaskiya dalla-dalla, don a nan ne za a iya daidaita wa mutum aiki. Gwajin tarin fuka da za ki yi a asibitin IOM na Ikeja saboda biza shi ma hanyarsa daban, ba ruwansa da sibi. A Legas kam kin sani, mai ganawa zai iya kutsawa har ya tambayi wane ciwo ne, ko kina da aure. Ko a can ba dole ba ne ki zazzage komai.

Ranar ganawa ki shirya jimla uku, ki maimaita su da Turanci a gaban madubi har su zauna a bakinki: na bar aiki a Maris 2022 don jinyar mahaifiyata, jinyar ta ƙare a Disamba 2023, na koma aiki a Janairu kuma ga abin da nake yi yanzu. Daga nan ki yi shiru. Shirun ne mai wuya, domin zuciya za ta so ta ci gaba, kuma in kika shiga labarin kwanakin ƙarshe hawaye zai zo, ba laifi ba ne amma zai cinye miki sauran mintunan. Idan aikin kula da tsofaffi kike nema, to nan kam ki ƙara: ba da magani a kan lokaci, juya marar lafiya don kada gyambon kwanciya ya fito, ɗaga ta daga gado zuwa keke, kai ta gashin ƙashi ta cikin cunkoson Agege zuwa Ikeja. Ki dai ce jinyar gida ce ba ta albashi ba, kada ki kira kanki nas.

Kafin ki tura komai, ki ɗauko takardar kama aikin Ikeja, da ta ajiye aiki, da shaidar NYSC, da bayanan banki, ki shimfiɗa su a tabarma ki rubuta kwanakin a takarda guda. Waɗannan kwanakin ne za su shiga sibi, da fom ɗin jami'a, da na biza, da shafinki na LinkedIn, ba bambancin ko wata ɗaya. Ki kuma kira tsohon shugabanki na kamfanin Ikeja ki sanar da shi za a iya tuntuɓarsa, ki tabbatar ranar da ke fayil ɗinsu ita ce taki. In kin gama ki turo min in duba miki a ƙarshen mako. Ki gaida Yaya da mutanen gida.