Za mu ba da gidan gadonmu haya a Sawaba: me za mu rubuta a talla?

Assalamu alaikum, Lauya. Mahaifinmu ya rasu shekara biyu ke nan, ya bar mana gida ɗaya a Sawaba, nan Kumasi. Mu 'ya'ya biyar ne, sai mahaifiyarmu, kuma duk mun watse, ita ma ta koma wurina. Ɗaki biyar ne a gidan. Gwaggonmu tana zaune a na baya, wanda ƙofarsa ke waje. Yayanmu ya rubuta talla kamar haka: "Katafaren gidan iyali, ɗaki 5, unguwar filin jirgi, komai akwai, adibans shekara 2." Yana so a karɓi sidi 2,000 a wata, a gyara rufi da kuɗin. Ni hankalina bai kwanta da rubutun ba. Akwai abin da zai iya jawo mana?

'Yar'uwarku a Kumasi

Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta.

Hankalinki ya yi gaskiya. A doka, talla gayyata ce kawai. Wanda ya karanta ba zai iya tilasta muku ku ba shi gida ba. Amma idan maganar da ke cikin tallar ce ta sa mutum ya zaro kuɗi ya biya, sannan ya tarar ba haka abin yake ba, yana da damar warware yarjejeniya ya nemi kuɗinsa. Idan kuma aka nuna da gangan aka yi ƙaryar don a karɓi kuɗi, maganar na iya zama ta 'yan sanda, domin damfara laifi ce a sashe na 131 na dokar laifuka ta 1960. Yanzu kowa yana ɗaukar hoton talla a waya ya ajiye, kuma shi ne takardar farko da ɗan haya zai miƙa a ofishin kula da haya, wato Ren Kontorol.

Kafin mu taɓa rubutun, akwai tambayar da ta riga shi: wa ke da ikon ba da gidan? Kin ce gida ɗaya Baba ya bari. Idan shi ya gina da guminsa kuma bai bar wasiyya ba, dokar gado ta 1985, mai lamba 111, ta ce gidan na matarsa ne da 'ya'yansa a haɗe. Na san a zango da yawa malamai ake kira a yi rabo bisa shari'a, kuma idan kowa ya yarda ana zaman lafiya a kan haka, amma ranar da rigima ta kai kotu, wannan dokar alƙali zai buɗe. Ko ta wace hanya, girman Yaya bai mai da gidan nasa shi kaɗai ba. Abin da ya kamata shi ne ku nemi takardar izinin kula da gado daga kotu idan ba ku riga kun karɓa ba, domin taɓa dukiyar mamaci ba tare da ita ba yana iya zama laifi. Waɗanda sunansu ke kan takardar su za su sa hannu a haya, sauran magada su rubuta amincewarsu. Idan kuwa Baba ma gadar gidan ya yi daga kakanku, to lissafi ya canza: dangi ya faɗaɗa, wataƙila Gwaggo ma tana da haƙƙi a ciki, sai an zauna da shugaban dangi da manyan gida.

Wannan ya kawo mu kalmar "gidan iyali". Yaya yana nufin gida ne da zai ɗauki magidanci da iyalinsa. Amma a Gana, in aka juya kalmar zuwa Turanci, mai karatu zai ji gidan dangi, irin wanda kawu da gwaggo ke fitowa bayan an biya kuɗi su ce ba da saninsu ba. Masu neman haya suna gudun irinsa. Ku rubuta "ya dace da magidanci", sannan a ƙasa ku faɗi gaskiya cewa gidan magada ne kuma takardun izini suna nan a gani.

Sai girma. Ɗaki biyar ne a ginin, amma huɗu za ku bayar. Wanda ya biya kuɗin biyar ya tarar da tsohuwa a na biyar, ba sai ya nemi lauya ba ma ya san an cuce shi. Kuma ba adadin kawai ba: wanda ya ji "gida" yana zaton shi kaɗai ne da makullin ƙofar waje. To a ina Gwaggo take ɗiban ruwa? Wace mita ke ba ta wuta? Tana shanya a tsakar gida? Amsar waɗannan ita ce ke raba gidan da mutum yake shi kaɗai, wanda dillalai ke kira salkonten, da gidan haɗaka, kuma farashinsu ba ɗaya ba ne. Na sha ganin rigimar haya da ta faro daga mita ɗaya tak: mai iyali yana sayen wuta, wani yana sha, wata uku ba a cika ba an daina gaisawa. Idan za ku iya, ku nema wa ɗakin baya mitarsa daga kamfanin wuta kafin kowa ya shigo. Idan ba zai yiwu ba, ku rubuta nawa za ta riƙa bayarwa. "Katafare" kuma ba awo ba ne. Ku duba taswirar filin da ke cikin takardun Baba, ku kwafi tsawo da faɗi a ƙafa yadda suke, sannan a sa tef a auna falo da babban ɗaki.

Unguwa ba ta buƙatar dogon bayani. Sawaba Sawaba ce, a ƙarƙashin majalisar Asokore Mampong. Tana kusa da filin jirgi, gaskiya, amma "unguwar filin jirgi" wani hoto yake sa wa mutum a kai. Ku ambaci sunanta, da tafiyar minti nawa ce a ƙafa zuwa titin da ake samun mota. Idan ruwa yana kwanciya a layin da damina, ku faɗa wa mai dubawa tun kafin ya biya. Lambar GhanaPostGPS ta gidan kuwa ku ajiye ta sai wanda kuka yi magana da shi, domin 'yan damfara suna kwashe hoto da adireshin gidan da ba kowa su tallata da sunansu.

Babbar matsalar tana cikin kalmomi ukun ƙarshe. Dokar haya ta 1963, mai lamba 220, a sashe na 25, ta haramta wa mai gida ya gindaya sharaɗin a biya shi fiye da kuɗin wata shida a gaba idan hayar ta wuce wata shida. Idan hayar wata-wata ce, kuɗin wata ɗaya kawai. Hukuncin tara ne ko ɗauri. Na san abin da Yaya zai ce: duk Kumasi shekara ɗaya ko biyu ake karɓa. Haka ne. Amma yawancin masu karɓa da baki suke faɗa, shi kuwa yana shirin rubutawa ya watsa wa duniya, ya ba da shaida a kan kansa kenan. Ki duba kuma lissafin. Wata shida sidi 12,000 ne, shekara biyu sidi 48,000. Idan aka zuba 48,000 a rufi, sannan wata na huɗu ɗan haya ya warware saboda ɗakin Gwaggo, wa zai fito da ragowar? Ku shida za a bi.

Mutane suna haɗa abu biyu da ba ɗaya ba: tsawon haya da kuɗin gaba. Kuna iya ba da gidan na shekara biyu, ana biya duk wata shida. Wannan halas ne, kuma ya ba ku tabbacin da kuke nema. Game da rufi, ko dai ku haɗa kuɗi ku gyara kafin talla, ko ku gyara da kuɗin wata shidan farko inda ya fi yoyo, ko ku yarda ɗan haya ya gyara a riƙa cirewa daga haya. Na ukun yana aiki ne kawai idan an rubuta aikin da za a yi, da iyakar kuɗinsa, da sharaɗin kawo rasit. Wanda ba zan yarda da shi ba shi ne a rubuta "komai akwai" alhali sama tana zuba.

Da ni ce zan rubuta, ga yadda zai fita. Awon da na sa misali ne, ku sa naku:

"Gida mai ɗakin kwana 4 a Sawaba, Kumasi, sidi 2,000 a wata

Ɗakin kwana huɗu, falo ɗaya mai ƙafa 18 da 14, kicin, banɗaki biyu a ciki. Fili ƙafa 100 da 70, an kewaye shi da katanga, mota ɗaya tana shiga. Ruwan famfo da tanki. Mitar wuta ta kati, ta gidan kaɗai. Akwai ɗaki ɗaya a baya mai ƙofar waje wanda dattijuwar gidan ke zaune a ciki; ba ya cikin hayar, kuma tana amfani da famfon tsakar gida. Tafiyar minti biyar zuwa babban titi. Haya ta shekara biyu, ana biyan wata shida-shida, sidi 12,000. Wuta, ruwa da shara na ɗan haya. Harajin gida na majalisa da manyan gyare-gyare na masu gida. Don zama ne kawai, ba a sake ba wani haya. Gidan magada ne, takardun izini suna nan a gani. Babu kuɗin dillali."

Layin ƙarshe ku bar shi idan ku da kanku za ku nuna gidan. Idan za ku sa dillali, ku rubuta wa zai biya shi da nawa, domin an saba su nemi kashi goma cikin ɗari daga ɗan haya, ban da kuɗin zuwa dubawa, kuma tun 2020 akwai dokar da ta ce sai da lasisi ake wannan sana'a. Farashi kuma a sidi, ko da wani ɗan'uwa daga waje ya ba da shawarar dala. Babban Bankin Gana ya hana sa farashi da kuɗin waje ba da izininsa ba.

Idan an sami mai so, duk abin da ke cikin tallar a kwashe shi zuwa takardar yarjejeniya ba ragi ba ƙari, a kai ta Ren Kontorol a yi rajista cikin kwana 14, a ba shi katin haya da rasit. Ku ware harajin haya, kashi 8 cikin ɗari a gidan zama, wato sidi 160 a kowane wata a lissafinku, kafin a yi rabo. Kuɗin ya shiga asusun da magada suka amince da shi, ba wayar mutum ɗaya ba.

Amma kafin komai, Hajiya, ku je ku zauna da Gwaggo. Ta ji daga bakinku cewa baƙi za su shigo, a kuma tambaye ta yadda Baba ya sami filin. Amsarta ce za ta nuna ko ku shida ne kawai za ku sa hannu.