Na tsakiya ne ke tafiya, in cire babban fakejin?

Tambaya: Assalamu alaikum malam. Ina da ɗan studiyon hoton biki, da fakeji biyu nake da su, na dubu 80 da na dubu 150, daga baya na ƙara na dubu 300 mai bidiyo da babban albam. Yanzu na 150 ɗin ne ke tafiya sosai, na 300 kuwa sai jefi-jefi, abokina yana ta cewa in cire shi tunda ba ya kawo komai. Me ya sa mutane ke rububin na tsakiya, kuma ta yaya zan gane daga littafin cinikina?

Amsa: Wa alaikumus salam. Kar ka cire shi tukuna, domin akwai yiwuwar wannan na 300 ɗin da kake gani kamar ɗan zaman banza shi ne ke sayar maka da na 150.

Ka duba mutumin da ke zuwa wajenka. Ango ne ko yayar amarya, sau ɗaya ko biyu za su sayi hoton biki a rayuwarsu, ba su san bambancin kyamara da kyamara ba, ba su san nawa albam yake a kasuwa ba, toh da me za su auna? Da farashin da ka jera musu kawai. In biyu ne, na 150 shi ne "mai tsada", wanda ya ɗauke shi sai ya ji kamar ya yi almubazzaranci. Da ka ajiye na 300 a gefensa sai ya koma "madaidaici". Na ƙasa ana tsoron dangin miji su ce an yi rowa ko hoton ya fito ba kyau, na sama ana tsoron a ce an zubar da kuɗi ga kayan ɗaki ba a gama ba, na tsakiya kuwa ko wa ya tambaya akwai amsar ba shi: ai ba mu ɗauki na ƙarshe ba kuma ba mu yi ƙarya ba. Masu bincike sun daɗe da gwada wannan. A 1992 Itamar Simonson da Amos Tversky sun ba mutane zaɓin kyamarorin Minolta biyu, ta kusan dala 170 da ta kusan dala 240, aka rabu rabi da rabi, da suka ƙara ta uku ta kusan dala 470 sai ta tsakiyar ta tashi zuwa kashi 57 cikin ɗari, alhali ba abin da ya canza a jikinta.

Amma fa yawan cinikin na tsakiya shi kaɗai ba hujja ba ne. Ƙila shi ne ya dace da aljihun mutanen unguwarku, ƙila kai ne da bakinka kake tura su can ba ka sani ba. Ga yadda ake rarrabewa.

Ka raba littafin biyu, kafin ka ƙara babban da bayan ka ƙara shi. A kowane ɓangare ka ajiye waɗanda suka sayi babban a gefe, ka duba ƙarami da na tsakiya kawai, kashi nawa ne suka ɗauki na tsakiya. Dalilin cire su ɗin shi ne, in da babban ba ya taɓa tunanin kowa, to masu kuɗin da da za su sayi na 150 ne zai ja sama, kenan kason na tsakiya raguwa ya kamata ya yi ko ya tsaya. In ka ga ya ƙaru, akwai waɗanda aka ɗago daga ƙasa.

Tunda ba ka turo lambobinka ba bari in ƙirƙiro misali. A ce kafin nan kwastoma 60 ne, 36 ƙarami, 24 na tsakiya, wato kashi 40. Bayan nan wasu 60, 21 ƙarami, 33 na tsakiya, 6 babba. 33 cikin 54 kashi 61 kenan. Daga 40 zuwa 61 ba ƙaramin motsi ba ne. Da daga 40 zuwa 45 ne da na ce ka manta, a mutum 60 kwastoma uku ne kacal suka sauya ra'ayi, wannan ko ranar kasuwa ɗaya tana iya kawo shi.

In kana rubutawa a Excel, sa "kafin" ko "bayan" a layin B, sunan fakeji, wato "karami", "tsakiya" ko "babba", a layin C:

```
=COUNTIFS(B:B,"bayan",C:C,"tsakiya")/(COUNTIFS(B:B,"bayan",C:C,"tsakiya")+COUNTIFS(B:B,"bayan",C:C,"karami"))
```

Ka maimaita da "kafin" ka kwatanta.

Sai riba, domin ƙirga kawuna ba ya biyan kuɗin haya. A ce bayan ka cire kuɗin bugu, mai, da sallamar yaranka, ƙaramin yana bar maka dubu 35, na tsakiya 55, babba 110. Kafin nan jimillar ribar 60 ɗin miliyan 2.58 ce, wato dubu 43 kan kowane kwastoma. Bayan nan miliyan 3.21, dubu 53 da ɗari biyar kan kowa. Ka lura mutum shidan nan na babba dubu 660 suka kawo, ragowar 54 ɗin kuma matsakaicin ribarsu ya haura dubu 47, wannan ƙarin da abokinka ba ya gani shi ma aikin babban ne.

Inda yawancin mutane ke faɗawa rami shi ne littafin ciniki ba ya rubuta wanda ya tambaya ya tafi. A ce da mutum 100 ne suka tambayi farashi 60 suka saya, yanzu sai 130 sun tambaya kafin ka samu 60, saboda wasu na ganin dubu 300 a takarda suke cewa nan ba wajenmu ba ne. Ka raba ribar da masu tambaya: da 25,800 kan kowa, yanzu kusan 24,700. Ka ga lissafin ya juye. Don haka daga yau duk wanda ya turo "nawa ne" a WhatsApp ka rubuta shi, ko bai dawo ba.

Akwai kuma matsalar lokaci. In "kafin" ɗinka ya faɗa cikin azumi da biki ke ƙaranci, "bayan" kuma ya faɗa bayan sallah ko Disamba, ba mutane iri ɗaya ka kwatanta ba. Ga kuma tayi, wanda ya nemi na 300 kuka yi ta ja har ka bar masa a 200, a wane gida ka rubuta shi? Ka rubuta fakejin da ya zaɓa daban, kuɗin da ya biya daban, in ba haka ba lambobin za su yi maka ƙarya.

Gwajin da ya fi duk wannan tsafta ba shi da tsada. Ka haɗa takardar farashi biyu, ɗaya mai fakeji biyu ɗaya mai uku, wanda lambar wayarsa ta ƙare da 0, 2, 4, 6 ko 8 ka tura masa mai uku, saura mai biyu, kuma kar ka karya dokar don ka ga hoton mota a furofayil ɗinsa, nan ne gwajin ke lalacewa. Ka bari sai kowane ɓangare ya tara masu tambaya kamar ɗari, sannan ka kwatanta riba kan kowane mai tambaya. Tsofaffin kwastomomi da masu shirya biki da suke kawo maka aiki kullum ka ware su, sun riga sun san me suke so, jerin farashi ba ya juya su sosai.

In sakamakon ya nuna babban yana korar mutane, kafin ka cire shi gwada sauko da shi zuwa 250, ko ka ƙara masa abin da ake gani da ido kamar firem babba na falo, don ya zama abin da wani zai saya da gaske. Ka tabbata dai kana iya yin aikin in an biya, domin shidan nan za su zo.