Waɗanne alƙaluma zan saka a rahoton mako na motocina?

Tambaya: Ina da motocin ɗaukar kaya guda biyar, muna lodi daga kasuwannin Dawanau da Singa na Kano zuwa garuruwa. Duk Asabar manaja yana kawo mini jimlar kuɗin da aka samu, amma ban san wace mota ke ciyar da ni ba. Me ya kamata in riƙa dubawa?

Amsa: Alhaji, ma'auni huɗu sun isa, amma kowace mota a ba ta layinta daban. Jimla tana ɓoye motar da ke cin gumin sauran.

Na farko, kuma wanda ya fi komai a wurina, shi ne abin da kowace kilomita ta shigo da shi, a gefensa kuma abin da ta ci. Ga misali. Mota ta kawo naira 1,200,000 a kilomita 2,000, wata ta kawo 900,000 a kilomita 1,200. Ta farko tana samun naira 600 a kilomita, ta biyu 750. A ce mai, alawus ɗin direba da yaron mota, kamasho, kuɗin hanya da abin da ake warewa don taya da sabis sun kai naira 550 a kilomita. To ta farko ta bar maka 100,000, ta biyu 240,000. Wadda ake yabo a ofis ita ce a baya.

Sau da yawa dalilin yana cikin ma'auni na biyu, wato tafiyar da mota ta yi babu kaya. Idan ta farko ta yi kilomita 700 wayam, kashi 35 cikin 100 na tafiyarta ke nan aka ƙona mai ba kuɗi. Maganinsa a nemi lodin dawowa tun kafin ta bar Kano.

Na uku shi ne mai, kuma a rubuta shi da lita, domin farashi yana canzawa. A cika tanki ran tashi, a sake cikawa ran dawowa, a lissafa lita nawa ta sha a kilomita 100. Idan ta saba shan 30 ta koma 35 a hanya ɗaya da nauyi ɗaya, kada a yi saurin zargin direba, zato zunubi ne. A duba iskar taya, matatar iska da nozul. In ba a ga komai ba, a musanya direbobi na mako biyu, a ga ko ƙarin ya bi mota ko ya bi mutum. Motar da mitarta ta mutu kuwa, a yi amfani da sanannen nisan hanyar kafin a gyara.

Na huɗu, kwanakin da mota ta yi a tsaye, tare da dalili: gareji, jiran lodi, ko takardu. Kowanne maganinsa daban.

A ƙasan takardar manaja ya rubuta bashin da ya wuce kwana 14 da sunan mai shi, sannan kowane adadi a ajiye shi kusa da na makonni huɗu da suka wuce, domin mako guda bai isa a yanke hukunci a kan mota ko direba ba.