Bindigar gem da talabijin filasma

"Maigida, kwastoma ya kawo bindigar gem ɗin harbin agwagwa, wai ba ta ci a filasmarsa. Na canza waya, na goge gilashin, shiru. In buɗe ta?"

Ajiye sukundireban nan tukuna. Ɗauko tsohuwar talabijin mai ƙeya da ke ƙarƙashin benci ka jona. In ta harbo agwagwa a can, bindiga lafiyarta ƙalau.

Ka san bindigar nan ba ta fitar da komai. Ido ne a cikinta, ɗan ƙaramin abu mai jin haske. A gem ɗin harbin agwagwan, wato Duck Hunt na Nintendo, da ka ja kunama, sai gem ya baƙanta fuskar talabijin na hoto ɗaya, a hoto na gaba ya sa farin akwati daidai inda agwagwa take. In idon ya ga duhu, sannan ya ga haske, ka ci. Duhun nan na farko don masu wayo ne, masu saita bindiga a ƙwan lantarki.

To, yi lissafi. Gem mai tafiya da tsarin talabijin ɗinmu na nan yana fitar da hoto 50 a sakan, kowane hoto milisakan 20 ke nan. Duhu na ɗaukar 20 na farko, farin akwati 20 na biyu. A milisakan 40 an rufe kasuwa. Mai ƙeya ba ta ajiye komai, abin da ya shigo ta waya shi take zanawa nan take. Filasma kuwa sai ta karɓi hoton, ta juya shi zuwa lambobi, ta faɗaɗa shi ya cika fuskarta, ta yi masa kwalliya, sannan ta nuna. Mu ce duk wannan ya ci milisakan 60, hoto uku. Farin akwatin zai bayyana a 80, gem kuwa ya daina sauraro tun a 40. Duk lokacin da yake tambayar bindiga me ta gani, tsohon hoton sararin sama take kallo.

Za ka ce a kunna Game Mode, saitin gem na filasma. Yana rage jinkirin, amma ko hoto ɗaya ya rage, an riga an saɓa. Kuma bindigar Nintendo ta asali tana da matata da ke karɓar haske mai ƙyaftawa kusan sau 15,000 a sakan, irin na layukan mai ƙeya. Hasken filasma ba haka yake zuwa ba.

Bindigogi irin su GunCon na PlayStation ma kada ka ɓata lokacinka. Su ɗigon hasken da ke zana hoto layi-layi suke jira ya gifta gabansu, daga lokacin giftawar a gane inda ka saita. Filasma ba ta da wannan ɗigon sam.

Ka faɗa wa kwastoman ya nemi mai ƙeya, amma ba mai rubutun 100Hz ba, ita ma tana ajiye hoto kafin ta nuna. Kuɗin dubawa kawai za ka karɓa.